Wa ke fara zuwa idan cuta ta shiga: niyutirofil, makarofaj ko En-Ke?

Ummi Nas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min, jibi muke da tes a kan fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta kuma wallahi kaina ya kulle. A takardar da aka raba mana an rubuta niyutirofil ne ke fara isa inda ƙwayar cuta ta shiga, amma malaminmu a aji ya ce makarofaj ne ke fara haɗuwa da ita, to wanne zan rubuta? Sannan ita En-Ke ɗin nan ban ma gane inda ta shigo ba, ita ma cinye bakteriyar take yi ko yaya?

Sadik MBBS: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi ne ai. Niyutirofil ne na farko, cikin awanni kaɗan sun cika wurin, makarofaj sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu yake zuwa ya share abin da ya rage. En-Ke kuma duk wani baƙon abu da ya shigo jiki kashe shi take yi ba tambaya, shi ya sa ma aka sa mata wannan sunan na natural killer, wato mai kisa tun asali. Ki rubuta niyutirofil kawai ki wuce wurin.

Ummi Nas: To ai shi malamin ne zai yi makin, ba takardar ba 😩

Malam Habu Lab: Sadik ka kama rabi ka saki rabi. Wanda kake cewa yana zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu monosait ne, shi ne yake fitowa daga jini ya shiga wurin ciwon sannan ya rikiɗe ya zama makarofaj. Amma kafin shi akwai makarofaj ɗin da tun asali a cikin naman suke zaune, a fata akwai su, a huhu akwai su, a hanta ga na Kupffer, a saifa ma haka, wasunsu tun mutum yana ciki suka tare a wurin kuma suna yin watanni har shekaru. Waɗannan ba zuwa suke yi ba, a gida cutar take samunsu. Don haka Ummi takardarki ba ta yi ƙarya ba malaminki ma bai yi ba, tambayar ce kala biyu. Wa ya fara ganin ɓarawo? Mai gadi. Wa ya fara shigowa daga waje da aka yi ihu? Samarin unguwa.

Sadik MBBS: Na yarda Malam, na haɗe monosait da mazauna wuri. Amma in ana maganar wanda ya fi kashe bakteriya a ranar farko ai har yanzu niyutirofil ne.

Malam Habu Lab: Wannan kam ba gardama.

Dakta Baban Hanif: Sannunku da hira, yanzu na fito daga dutin dare na ga abin. Ummi bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi da agogo, ya fi hadda zama a kai. A ce ƙarfe 8 na safe ƙaya ta soke ki a yatsa, ta tura sitaf, wato bakteriyar da dama take zaune a kan fata, zuwa ciki. A ce guda 1,000 ne suka shiga. Sitaf in ya samu yadda yake so yana ninka kansa kusan duk rabin awa, a cikin jiki bai kai wannan saurin ba amma mu ɗauka a haka don lissafi. Awa 6 ninki 12 kenan, 1,000 ɗin nan sun wuce miliyan 4 kafin a idar da azahar. Su kuwa limfosait masu haɗa antibodi su tuna cuta, kwanaki suke buƙata kafin su shirya, kusan mako in karon farko ne. To kin ga dole a samu waɗanda za su riƙe wurin tun daga mintin farko.

Dakta Baban Hanif: A mintocin farko makarofaj ɗin da ke zaune a fatar ne zai ci karo da su. Bai san sunan sitaf ba, bai taɓa ganinsa ba ma wataƙila, amma yana da na'urorin ji a jikinsa da ke gane kayan da ake gina bangon bakteriya da su, kayan da jikin mutum ba ya yin irinsu. Zai haɗiye waɗanda ya iya, amma su 'yan kaɗan ne a wurin, ba za su iya da yawan ba. Babban aikinsa a wannan lokacin shi ne kururuwa. Yana sakin sinadaran saƙo, Ti-En-Ef da intalukin 1 su ne ke taɓa ƙananan jijiyoyin jini na kusa su buɗe su fara yoyon ruwa, shi ne jan da kumburin da ɗumin da kike gani, sannan intalukin 8 shi kuma kamar ƙanshi ne da ake bi, inda ya fi ƙarfi nan ne wurin faɗan.

Maman Walid: Ikon Allah. Wato kumburin ma jikin ne ke yi da gangan?

Dakta Baban Hanif: Da gangan Hajiya. Ruwan da ke fitowa yana ɗauke da sinadaran jini masu manne wa bakteriya su sa ta yi sauƙin kamu, kuma gudun jinin yana raguwa a wurin, wanda shi ake so. Domin su niyutirofil a cikin jini suke yawo, da gudu suke wucewa. Da bangon jijiyar ya samu saƙo sai ya fito da wasu ƙugiyoyi masu ɗan danƙo, niyutirofil ya zo wucewa ya ɗan maƙale ya saki, ya maƙale ya saki, yana mirginawa a jikin bangon har ya tsaya cak, sannan ya lanƙwashe ya kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon ya fita cikin nama ya bi ƙanshin. Na farko-farko cikin awa ɗaya sun iso, wato kafin 9 ko 10 na safen nan, zuwa yamma kuwa sun rinjayi kowa a wurin.

Ummi Nas: Dakta to in duk su biyun haɗiye bakteriya suke yi, meye bambancin aikinsu? Ba abu ɗaya ba ne?

Malam Habu Lab: Dakta bari in ɗan karɓa ku sha ruwa. Ummi bambancin na farko yawa ne. In kin ɗauki farin jinin babban mutum, rabi zuwa kashi 70 cikin 100 niyutirofil ne, ɓargo yana fitar da wajen biliyan 100 a kowace rana kuma yana da wasu a ajiye da zai sako in an buƙata. Na biyu kayan faɗa. Niyutirofil a cike yake fitowa da buhunan dafi, in ya haɗiye bakteriya yana zuƙar iskar oksijin da yawa lokaci guda ya mayar da ita haidurojin feroksaid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, sannan wani sinadari nasa mai suna mayeloferoksides ya haɗa wannan da gishirin jiki ya fitar da abin da ke cikin bilicin wanki. Bilic na gaske fa. Kuma shi sinadarin kore ne, shi ya sa mugunya ko majina take yin kore-kore. Na uku rai. Niyutirofil ba ya komawa gida, in ya fita daga jini ya yi aiki nan zai mutu, wasu ma fashewa suke yi su watsa zaren cikinsu kamar taru bakteriya ta maƙale, wannan a 2004 aka bayyana shi a Balin. Mugunyar da kike gani a maruru mafi yawanta gawarsu ce. Makarofaj kuwa a hankali yake ci, ya daɗe, ya kira wasu, in an gama kuma shi zai bi ya cinye gawarwakin niyutirofil ɗin, kuma wannan cin gawar ne ke juya shi daga kiran faɗa zuwa gyaran wuri.

Alhaji Na Kantin Kwari: Salamu alaikum. Ni dai En-Ke ɗin nan nake son ji, akwai wani yaro da ya kawo min wani magani na gwangwani ya ce yana ƙara En-Ke a jiki yana hana kansa, dubu 45 kwalba. Shi ne kuke magana a kai? Yana da kyau in saya wa iyali?

Sadik MBBS: Hhhh Alhaji ba magani ba ne, ƙwayar jini ce, kuna da ita a jikinku yanzu haka kyauta.

Dakta Baban Hanif: Alhaji ranku ya daɗe ku riƙe kuɗinku. Lafiyayyen mutum mai cin abinci yana da nasa isassu, kuma ba yawansu ne matsalar masu kansa ba. In akwai wanda ake jin tsoron wani abu a jikinsa a gidan, a kawo shi a duba ya fi.

Alhaji Na Kantin Kwari: To madalla, Allah ya saka. Dama jikina bai ba ni ba.

Dakta Baban Hanif: Amin. Amma tunda Alhaji ya tayar da ita bari mu zo kanta, don nan ne Sadik ya fi kaucewa da ya ce duk baƙon abu take kashewa. En-Ke ba ta haɗiye komai. Ba ta bin bakteriya a cikin nama. Limfosait ce, 'yar uwar su Ti da Bi, kusan kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na limfosait ɗin jini, kuma abin da take kashewa ƙwayoyin jikinki ne, naki na kanki, waɗanda suka lalace. Dalili kuwa bairos ba ya zama a fili kamar sitaf, cikin ƙwayar jikin yake shiga ya rufe ƙofa, niyutirofil zai zo ya wuce bai ga abin haɗiya ba. To kusan kowace ƙwayar jiki tana rataye da wata shaida a bayanta, Em-Eci-Si na ɗaya, da ita take nuna samfurin abin da ake ƙerawa a cikinta. Wasu bairos ɗin da wayo sai su sa ƙwayar ta sauke wannan shaidar don kada limfosait na Ti su gani. En-Ke ita kuma abin da take dubawa kenan, in ta taɓa ƙwaya ta ga shaida sai ta wuce, in babu sai ta manne mata, ta zuba mata faforin ya huda bango, giranzayim ya bi hudar ya shiga ya sa ƙwayar ta kashe kanta daga ciki, ta ƙanƙance ba tare da ta fashe ba. A 1975 aka fara bayyana su, a Suwidin da Amurka kusan lokaci guda, kuma Klas Kärre na cibiyar bincike ta Karolinska da ke Suwidin ne ya kawo wannan tunanin na rashin shaida a shekarun 1980.

Zainab Famasi: Dakta yi haƙuri ina da ja a nan. Jan ƙwayar jini ai ba ta da wannan shaidar, ba ta ma da cibiyar nan ta tsakiyar ƙwaya. In maganar rashin shaida ce kawai ai da En-Ke ta gama da jininmu tun muna jarirai.

Malam Habu Lab: Kai Zainab, wannan tambayar jarabawa ce 👌

Dakta Baban Hanif: Kin yi daidai ƙanwata, ni ne na gajarta. Sikeli ne mai hannu biyu. Shaidar nan birki ce, amma cire birki kaɗai ba ya tayar da mota, sai an taka totur. Ƙwayar da bairos ya shiga ko ta fara zama kansa tana fito da wasu alamomin wahala a bayanta, su ne ke zuga En-Ke. Lafiyayyar jan ƙwaya ba birki ba totur, sai a wuce ta. Haka kuma in alamomin wahalar suka yi yawa sosai ana iya kashe ƙwaya ko da shaidarta na nan.

Zainab Famasi: To jan ƙwayar da maleriya ta shiga fa?

Dakta Baban Hanif: A kwanon gwaji an ga En-Ke tana kashe su musamman in antibodi ya riga ya manne musu, kuma tana saurin sakin sinadarin saƙo mai suna intaferon. Amma in kika ce wa ke kwashe mafi yawansu daga jini, makarofaj ɗin saifa ne, shi ya sa yaran da ke yawan maleriya ake taɓa saifarsu a kumbure.

Sadik MBBS: To kenan a misalin ƙayar nan En-Ke ba ta da aiki kwata-kwata?

Dakta Baban Hanif: A awannin farko na sitaf a yatsa, aikinta kaɗan ne ƙwarai, in kin rubuta haka Ummi ba ki yi kuskure ba. Ko a bairos ɗin ma sai ƙwayoyin da suka kamu sun saki intaferon ya tashe ta, tana farawa cikin awanni amma ƙarfinta yana kaiwa ƙololuwa ne wajen kwana 2 zuwa 3, wato ta cike giɓin kafin na Ti su iso.

Malam Habu Lab: Dakta a nan ni ba zan ce kaɗan ƙwarai ba gaskiya. In sitaf ne na yarda. Amma akwai bakteriyar da makarofaj yake haɗiyewa ita kuma ta mayar da cikinsa ɗaki, tarin fuka da taifod duk haka suke yi. A nan makarofaj yana sakin intalukin 12, En-Ke ta ji ta mayar masa da intaferon gama, shi ne ke ƙara masa wuta ya iya narkar da abin da ya haɗiya. To wannan ai aiki ne a kan bakteriya kuma da wuri ake fara shi.

Dakta Baban Hanif: Ban musa ba Malam, amma ita tambayar awannin farko ce, tarin fuka kuwa makonni yake ɗauka kafin ma a san an yi. Ban ga yadda za a sa shi a agogon nan ba.

Malam Habu Lab: Cutar ce ke ɗaukar makonni, saƙon tsakaninsu ba ya ɗaukar makonni. Amma dai mu bar shi haka kar mu ruɗa yarinya.

Ummi Nas: A'a wallahi ku ci gaba ina rubutawa 😅

Maman Walid: Dakta dan Allah tunda ana maganar niyutirofil bari in kawo nawa. Walid ɗina shekararsa 16, an yi masa gwajin jini na shiga makaranta, lafiyarsa ƙalau ko mura ba ya yi, sai ga takarda an zagaye wani wuri da jan biro. An rubuta WBC 3.8, NEUT 38%. Wanda ya miƙo min ya ce sojojin jikinsa sun yi ƙasa a saya masa maganin ƙarin jini. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Kenan in ƙaya ta soke shi ba masu zuwa?

Malam Habu Lab: Hajiya kwantar da hankalinki mu yi lissafi. 3.8 ɗin nan 3,800 kenan a kowace maikurolita. Kashi 38 cikin 100 na 3,800 ya ba mu 1,444, wannan shi ne ainihin adadin niyutirofil ɗinsa, kuma shi ake dubawa ba fasent ɗin ba. Ma'aunin da ke jikin yawancin takardun nan da jinin Turawa aka tsara shi. Mu kuwa mutanen Afirka ta Yamma mafi yawanmu jan jininmu ba shi da wata alama da ake kira Dafi, da sunan Duffy aka sa mata, ba dafin guba ba, kuma rashinta ne ma ya sa maleriya nau'in baibas ba ta cika kama mu ba. Masu irin wannan jinin adadin niyutirofil ɗinsu a gwaji yakan fito ƙasa da na littafi, kuma ba sa fin kowa kamuwa da cuta. Kullum ina ganin irin wannan a benci.

Dakta Baban Hanif: Haka ne. Abin da zan tambaye ki Hajiya, yana yawan yin maruru, ko gyambon baki da ke dawowa, ko zazzaɓin da ake kwantar da shi? Yana shan wani magani kullum? Sauran lambobin jinin, wato na jan jini da filetilet, daidai suke? In amsar ita ce lafiya lau, a maimaita gwajin bayan 'yan makonni a nuna wa likitan da zai gan shi ido da ido, shi kenan. Maganin ƙarin jini ba ya ƙara niyutirofil, na jan jini ne. Inda muke tashi tsaye shi ne in adadin ya sauka ƙasa da 500.

Maman Walid: Babu ko ɗaya wallahi, sauran duk ba a zagaye su ba. Alhamdulillah. Allah ya biya ku.

Issoufou Maradi: Gaisuwa daga Maradi. Mu nan NFS muke ce ma gwajin. Ina aiki wajen masu shan kimiyo, wato maganin kansa, abin da Dakta ya ce na ƙasa da 500 shi muke gani. Abin da ke ban tsoro shi ne ciwon ba ya nuna kansa. Mutum ƙwayar cuta ta cika mai jiki amma ba mugunya, wurin allurar ruwa bai yi wani ja ba, hoton ƙirji ma sai ya fito kamar ba komai. Zazzaɓi kawai. Shi ya sa in ya kai 38.3 ba ma jiran sakamako, cikin awa guda ake son a ɗaura antibayotik.

Dakta Baban Hanif: Sannu Malam Issoufou, ka kawo hujjar da ta fi duk bayanina. Ummi dubi wannan da kyau. Me ya sa zazzaɓi yana nan amma mugunya babu? Saboda kimiyo ɓargo yake bugewa, niyutirofil da ba ya daɗewa shi ke fara ƙarewa, makarofaj mazaunin nama kuwa yana nan da ransa. Shi ke sakin intalukin 1 da 6 da Ti-En-Ef, su bi jini su je ƙwaƙwalwa a ɗaga ma'aunin zafin jiki. Mai gadin yana ta ihu, ba wanda zai fito.

Ummi Nas: Subhanallah. Yanzu na gane. To wanda ba shi da En-Ke fa, yaya nasa yake fitowa?

Dakta Baban Hanif: Ba kasafai ake samu ba sam. Wadda aka fi ambata wata yarinya ce da aka ba da rahotonta a 1989 a Amurka, ba ta da su, kuma abin da ya yi ta kwantar da ita dangin bairos ɗin hafis ne, ƙaranbau mai tsanani, sannan saitomegalo, sannan hafis ɗin kansa. Kin ga inda giɓin ya fito ya nuna miki aikin da aka rasa.

Sadik MBBS: Shi ya sa kenan in aka ga niyutirofil ya hau a gwaji bakteriya ce, in limfosait ne bairos. Ni da wannan nake raba su a wod.

Zainab Famasi: Sadik yi hankali da wannan dokar taka. Matan da ke shan deksa don ƙiba, sha ka fashe ɗin nan, in ka gwada su za ka ga niyutirofil sama ba tare da wata cuta ba. Maganin yana sakin waɗanda ke manne a bangon jijiya su koma tsakiyar jini, kuma yana hana su fita zuwa nama. Lamba ta yi kyau a takarda, wurin ciwo kuma ba su je ba.

Malam Habu Lab: Ga taifod kuma, bakteriya ce amma sau da yawa farin jinin daidai yake fitowa ko ma ƙasa. Mai ciki ma nata yana hawa, wanda ya yi gudu ko aka yi masa tiyata haka. Ni abin da ya fi gamsar da ni shi ne in shafa jinin a gilashi in duba da idona. Niyutirofil da ya nuna cibiyarsa a rarrabe take gida 3 zuwa 5, in na fara ganin masu cibiya a lanƙwashe kamar kofaton doki ba ta rabu ba, na san ɓargo ya fara turo 'yan yara saboda manyan sun ƙare a fagen fama. Wannan ya fi lambar inji gaya min gaskiya.

Sadik MBBS: Yau dai na sha gyara 😂 ba komai. Amma Malam ka ce niyutirofil ba ya daɗewa, mu an koya mana awa 6 zuwa 8 a jini, sai kuma na ga wani wuri an ce kwana 5. Wanne ne?

Malam Habu Lab: Tsohon adadin daga ɗebo su aka yi, aka sa musu alama aka mayar, wasu suna cewa taɓa sun da aka yi ne ya rage musu kwana. A 2010 wasu a Holan suka ba mutane ruwa mai alama suka sha suka lissafa suka samu kwana 5 da ɗoriya, wasu kuma suka ce lissafin nasu ne da gyara. Ni na fi karkata ga ƙasa da kwana ɗaya.

Dakta Baban Hanif: Ni kuma ina ganin ya ɗan fi abin da aka koya mana. A tes dai Ummi ki rubuta awanni zuwa kwana ɗaya a jini, ba mai kayar da ke.

Hauwa Unguwarzoma: Na zo a makare, ban karanta duka ba. Ni tambayata a kan karkare ne, me ya sa in ya tara ruwa ko an sha kafso ba ya jin magani sai an tsaga? Ba sojojin ne a ciki ba?

Dakta Baban Hanif: Su ne Anti, amma yawancinsu gawa ne. Bilic ɗin da Malam Habu ya faɗa ba ya tantance bakteriya da naman mutum, in niyutirofil suka taru da yawa suka mutu a wuri ɗaya sai su narkar da naman ya zama rami, jiki kuma ya kewaye shi da katanga. Cikin ramin ba jijiyar jini, maganin da aka sha kuwa jini ne ke kai shi, kuma makarofaj ba zai iya kwashe wannan tulin ba. Ga yatsa ba ta da wurin buɗawa, shi ya sa yake zuga yana hana barci. In kika ji ya fara bugawa kamar zuciya, ko kika ga jan layi yana hawa hannu, ko kaluluwa ta fito a hammata, an wuce maganar awannin farko, a je a buɗe shi. Mai ciwon suga kuma kar ma ya jira wannan, sukari in ya hau niyutirofil ɗinsa ba sa saurin zuwa kuma ba sa kisa yadda ya kamata.

Hauwa Unguwarzoma: To ai mu a gida lalle ake ƙunsawa ko a tsoma a ruwan zafi.

Dakta Baban Hanif: Ruwan ɗumi a ranar farko kafin ya tara ba laifi, yana ƙara kawo jini. In ya tara sai wuƙa.

Ummi Nas: Na gode ƙwarai Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya dan Allah, in ya kawo tambayar a zaɓi ɗaya cikin huɗu, wanne ne na farko, kuma ga niyutirofil ga makarofaj duk a ciki, me zan cika?

Sadik MBBS: Niyutirofil.

Malam Habu Lab: Ki duba kalmar da ya yi amfani da ita tukuna. In isowa ya ce ki bi Sadik, in ganowa ya ce ki bi malaminki.

Ummi Nas: In bai ce ko ɗaya ba fa?

Zainab Famasi: Ai ke kika ce shi zai yi makin 😂